Kurakuran da ake yi wajen tura yaro a jirgi shi kaɗai

Da zarar makarantu sun ba da hutu sai wayata ta fara ƙara: yaro zai je wajen kakarsa a Kano, ko wajen mahaifinsa a Landan, kuma babu babban da zai raka shi. Na daɗe ina yanka wa mutane tikiti, kuma kurakuran su ne dai na bara, su ne na bana.

Ga yadda abin yake. Kamfanin jirgi ne ke karɓar yaron amana daga hannun wanda ya kawo shi, a rataya masa jakar takardunsa a wuya, ma'aikaci ya raka shi har kujerarsa, in an sauka kuma a damƙa shi ga mutumin da aka rubuta sunansa a fom. A takardar tikitin za ka ga an sa UMNR, wato alamar yaron da ke tafiya shi kaɗai. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar yaron da bai kai shekara 5 ba shi kaɗai, daga 5 zuwa 11 kuma rakiyar dole ce. Manyan kamfanonin Amurka sun kai dolen har shekara 14.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na sunan mai ɗauko yaro, domin ni kaina na taɓa yin sa. 'Yar yayata, tana da shekara tara a lokacin, na sa ta jirgi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Legas. A fom na rubuta sunan ƙanenmu shi kaɗai. Ranar sai aiki ya riƙe shi, ya yi abin da kowa ke yi a gidajenmu: ya aiki direba. Direban nan ya shekara da shekaru a gidan, yarinyar tana hango shi ta kira sunansa. Ma'aikaciyar ta duba fom, ta duba katinsa, ta ce ba za ta ba shi ba. Aka kira ƙanena ya ce ai shi ya aiko shi, ta ce murya a waya ba shaida ba ce. Kafin ya ratso cunkoson Legas ya iso Ikeja an yi kusan awa uku, yarinya na zaune a ofis tana kuka, tana zaton an manta da ita ne. Ta daɗe bayan nan ba ta son a ambaci jirgi.

Ranar na yi ta faɗa da ma'aikatan a waya, amma gaskiyarsu ce. Ba su da hanyar sanin wanda yake direban gida da wanda ya ji labarin zuwan yarinya ya zo ya tsaya a ƙofa. Akwai kuma iyayen da suka rabu suna jayayya kan riƙon 'ya'ya, inda yaro zai ruga ya rungume mutumin da bai kamata a ba shi shi ba. Sanin da yaro ya yi wa mutum ba izini ba ne.

Akwai wani reshe na wannan kuskure da ya fi kama mu, wato sunan da muke kiran mutum da shi a gida. Don Allah jama'a, fom ba ya sanin Goggo, ba ya sanin Baffa, ba ya sanin Hajiya Babba. Wasu ma saboda alkunya ba su taɓa furta ainihin sunan yayarsu ko surukarsu ba, sai an zo cike fom a fara kame-kame. Sai ka rubuta wa mace sunan mijinta, alhali katinta na ɗan ƙasa sunan mahaifinta ne a kai. Ka rubuta Muhammad, fasfo kuma Mohammed ya ce. Wani ma'aikacin zai kau da kai, wani kuwa ba zai yi ba, kuma ba kai za ka zaɓi wanda ke bakin aiki ranar ba.

Tun daga wannan rana ba na cike fom sai mai ɗauko yaron ya turo mini hoton katin da zai riƙe, fasfo ne ko katin ɗan ƙasa ko lasisin tuƙi, in kwafe sunan harafi bayan harafi. Ina gaya masa ya tafi da katin na ainihi, ba hotonsa a waya ba, kuma ya isa awa ɗaya kafin saukar jirgi. Ina kuma neman a sa mutum na biyu duk inda kamfanin ya yarda, in kuwa na san a ƙarshe direba za a aika, to sunan direban nake rubutawa tun farko. Idan dole sai an canza suna, wanda ya sa hannu a fom ne zai nemi kamfanin tun yaro bai sauka ba. Ba a bakin ƙofar fitowa ake wannan ciniki ba.

Kuskure na biyu shi ne juya baya da wuri. Ka miƙa yaro, ya ɗaga maka hannu, ka shiga mota ka kama hanyar Zariya, har ka kashe waya. Haba! Fom ɗin da ka sa wa hannu ya ce za ka tsaya sai jirgi ya tashi, kuma ba don ado aka rubuta ba. Wanda ya san hazon Disamba da Janairu a Kano ya san ana iya shigar da fasinjoji a sake sauko da su, ko a soke tafiyar ɗungurungum. In haka ta faru, wa za a mayar wa yaron? Na ga uban da sai da aka yi ta neman danginsa ɗaya bayan ɗaya kafin a same shi. Ni ba na barin filin sai ma'aikaci ya tabbatar mini jirgi yana sama, wayata kuma a kunne take har sai na ji muryar yaron daga wancan ɓangaren.

Sauran a taƙaice. Kada ka sayi tikiti a intanet sannan ka tambaya ko ana ɗaukar yaro: British Airways ya daina wannan rakiya tun 2016, Ryanair kuma ba ya ɗaukar wanda bai kai 16 ba shi kaɗai. Kada ka bari sai ranar tafiya, domin adadin irin waɗannan yara a kowane jirgi ƙayyadajje ne, kuma kamfanoni da yawa suna son a sanar da su kwana biyu kafin tafiya. Ka guji tafiyar da za a canza kamfani a hanya, ko a kwana, ko jirgin ƙarshe na yini. Kuɗin rakiya daban yake da na tikiti, kuma zuwa da dawowa kowanne da nasa.

Sai maganar biza, wadda take mayar da yara gida daga wurin awon kaya. Idan bizar ziyarar Birtaniya ta yaron tana ɗauke da sunan babban da zai raka shi, ba zai shiga da ita shi kaɗai ba, ko da ka biya kuɗin rakiya. Afirka ta Kudu kuma tana neman takardar amincewar iyaye, da wasiƙa daga wanda zai karɓi yaron mai ɗauke da adireshinsa da lambar wayarsa, da kwafin katin shaidarsa. Shi ya sa nake buɗe fasfon yaro in karanta abin da ke jikin bizar tun kafin in taɓa maganar tikiti.