Dakatar da asusu ko goge shi: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Mutumin da ya gaji da wani dandalin sada zumunta yakan tarar da maɓallai biyu a cikin saiti, ɗaya an rubuta masa "Deactivate", wato dakatarwa, ɗaya kuma "Delete", wato gogewa, kuma akasarin asarar hotuna da saƙonni daga nan take farawa. Dakatarwa tana ɓoye asusu ne kawai, bayanan suna nan a rumbun kamfanin har ranar da mai su ya dawo. Gogewa kuwa umarni ne ga kamfanin ya share komai. Cire manhaja daga waya ba ya cikin biyun, domin asusun yana nan a buɗe, mutane suna ganinsa suna aika masa saƙo.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a ɗauka cewa dakatarwa iri ɗaya ce a kowane dandali. A Facebook da Instagram, wanda ya dakatar da asusunsa yana iya yin watanni ya dawo, ya shigar da kalmar sirri, ya tarar da hotunansa da abokansa yadda ya bar su. A X, wanda a da ake kira Twitter, ba haka abin yake ba. Can dakatarwa ita ce matakin farko na gogewa: idan kwana 30 suka cika mutum bai shiga ba, asusun ya tafi ke nan, kuma wani yana iya ɗaukar sunan da yake amfani da shi. Saboda haka ɗalibin da ya ce zai huta na wata biyu domin jarrabawa, ya dakatar da Facebook da X rana ɗaya, zai dawo ya tarar da na farko lafiya, na biyu kuwa babu shi. Gyaran shi ne a karanta bayanin da ke fitowa kafin a tabbatar da umarni, a duba ko an ambaci adadin kwanaki. Duk inda aka ambata, to akwai ranar da asusun zai tafi. Mai son hutu daga X gara ya kulle asusunsa daga idon jama'a, ya fita, ya cire manhajar, maimakon ya dakatar.

Akwai kuma masu dakatarwa suna zaton sun ɓace gaba ɗaya. Wanda ya dakatar da Facebook yana iya ci gaba da amfani da Messenger, kuma saƙonnin da ya aika suna nan a wurin waɗanda ya aika wa. Ko gogewa ba ta janye su daga akwatin saƙon wasu.

Daga nan sai wa'adin da ake bayarwa bayan an nemi gogewa, domin mai son janye shawararsa. Facebook da Instagram da TikTok suna ba da kwana 30, Microsoft yana barin mutum ya zaɓi 30 ko 60. Amma WhatsApp ba ya ba da ko kwana ɗaya: da zarar an tabbatar da gogewa, an fita daga dukkan zauruka, tarihin hira ya tafi, har da ajiyar da ke Google Drive. Shi kuwa Google yana cewa ne mai yiwuwa a iya dawo da asusun da aka goge kwanan nan, wanda ba alkawari ba ne, kuma adireshin Gmail da aka goge ba a yin sabon rajista da shi. Wasu kuma sukan ji cewa Facebook yana ɗaukar har kwana 90 kafin ya gama sharewa, sai su ɗauka suna da wata uku. Waɗannan kwanakin na kamfanin ne, domin kwashe bayanai daga rumbunansa. Ƙofar mai asusu tana rufewa ne a kwana na 30.

Wa'adin yana da wani tarko ga masu niyyar tafiya da gaske. Shiga asusun a cikin kwanakin nan shi ne hanyar dawo da shi, a Facebook sai a ga maɓallin "Cancel deletion", a X kuwa a nemi a tabbatar da sake kunnawa. Wanda ya leƙa don ya ga ko an goge, ya latsa ba tare da ya karanta ba, ya rushe umarninsa, kuma idan ya sake nema lissafin zai fara daga farko. Yana da kyau a fita daga asusun a kowace waya da kwamfuta, a kuma cire izinin manhajojin da ke haɗe da shi tun kafin a nemi gogewa. Haka nan mai son dawowa dole ya kasance yana riƙe da kalmar sirri da layin waya ko imel ɗin da lambar tantancewa take zuwa. Idan layin ya mutu, kwana 30 suna iya ƙarewa ana ta ƙoƙarin shiga.

Batun sauke bayanai ya fi sauran muhimmanci a ganina, domin shi ne ba ya gyaruwa daga baya. Kuskuren shi ne a nemi bayanan, a goge asusun a zama ɗaya, alhali fayil ɗin ba ya fitowa nan take. A X yana iya ɗaukar awa 24 ko fiye, rahoton "Request account info" na WhatsApp kusan kwana 3 yake ɗauka, kuma babu saƙonni a cikinsa, sai a bi kowace hira a fitar da ita ta "Export chat". Fayil ɗin da aka haɗa ma ba ya jira har abada, domin na Google Takeout, wato shafin sauke bayanai na Google, kimanin mako guda yake yi kafin mahaɗarsa ta daina aiki.

A ɗauki misalin mace mai hotunan shekara goma a Facebook, wadda ta yanke shawarar rufe asusunta. Ranar 1 ga Maris sai ta shiga "Accounts Center" a cikin saitin Facebook ta nemi a haɗa mata bayananta. A nan akwai zaɓi uku da ake yawan tsallakewa. Ta sa tsawon lokaci a kan "All time", domin idan aka bar shi a kan shekarar da ta gabata, tsoffin hotunan ba za su zo ba. Ta zaɓi HTML, wanda yake buɗewa kamar shafin intanet, ba JSON ba, wanda aka tanada domin manhajoji. Ta kuma ɗaga ingancin hotuna zuwa mafi girma. Idan sanarwa ta zo, sai ta sauke fayil ɗin a ranar, ta warware shi, ta buɗe hoto mafi tsufa da ta tuna da hira guda ɗaya, ta tabbatar suna ciki, sannan ta ajiye kwafi biyu a wurare daban. Fayil da ya ƙi buɗewa, ko wanda girmansa bai kai abin da take tsammani ba, alama ce ta saukewar da ta katse, sai a sake tun asusun yana raye.

Bayan haka ta duba manhajojin da take shiga ta "Continue with Facebook", ta ba kowacce imel da kalmar sirri tata, in ba haka ba ƙofarsu za ta rufe tare da asusun. Idan ita kaɗai ke kula da shafin wata ƙungiya, ta naɗa wani da cikakken iko, domin shafin zai bi asusun. Duk biyan kuɗin wata-wata da ke tafiya ta Google Play ko App Store sai ta soke shi a can, tun da goge asusu ba ya tsayar da cirar kuɗi. Idan ta latsa gogewa ranar 10 ga Maris, wa'adinta yana kaiwa wajen 9 ga Afrilu, kuma dandalin zai nuna mata ranar, sai ta rubuta ta a kalanda tare da tunatarwa mako guda kafin cikarta.