Darasi na 7: Cire layi-layin da ke fitowa a sararin sama cikin hoto

Wannan darasin na masu aikin hoto ne da masu haɗa bana da kalanda a kwamfuta, da ma wanda yake koyo a shagon wani. Za ku ga hoto ya yi kyau, mutanen ciki tsaf, amma sama da ke bayansu maimakon shuɗin ya dinga sauka sumul daga mai duhu zuwa mai haske sai ya fito hawa-hawa, wani layi ya lanƙwasa nan wani ya biyo shi, wani sa'in ma har da ɗan ja-ja ko kore-kore a tsakaninsu. Masu sana'ar suna ce masa bandin. Ya fi fitowa a hoton magariba, da hazon hunturu, da bangon situdiyo mai launi ɗaya da aka haska da fitila.

Daga ina yake zuwa

Hoto a kwamfuta ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel, kowane ɗigo kuma haɗin ja ne da kore da shuɗi. A hoto mai bit 8, wanda duk fayil ɗin JPEG na yau da kullum shi ne, kowane ɗaya daga cikin launukan nan uku yana da mataki 256 kacal, daga 0 zuwa 255. Babu 200 da rabi, ko dai 200 ko 201. Ku ɗauke shi kamar matakalar bene, ita sama a zahiri gangara ce mai santsi amma fayil ɗin ba shi da gangara, hawa-hawa kawai ya iya.

To bari mu yi lissafin da hoto guda wanda za mu bi shi har ƙarshen darasi. A ce an kawo muku hoton iyali da aka ɗauka a fili gab da magariba, ana so a buga bana da shi, kuma ta WhatsApp ya zo. Sama ta ci fiksel 1200 daga can ƙololuwa zuwa kan rufin gida. Kun auna shuɗin a sama kun samu 200, a ƙasa kusa da rufi 230. Mataki 30 ke nan za a shimfiɗa a kan fiksel 1200, kowane mataki ya samu faɗin fiksel 40. Bambancin mataki ɗaya ido ba ya cika kama shi, shi ya sa da farko hoton yake kamar ba komai. Matsalar tana tashi ne lokacin da kuka ce bari in ƙara wa saman nan kala ta fito, kuka ja Curves ko Saturation da ƙarfi. In kun ninka tazarar sau uku har yanzu matakan 30 ne, kwamfuta ba ta ƙirƙiro sababbi ba, sai dai yanzu tsallen da ke tsakanin layi da layi ya zama uku maimakon ɗaya, kuma wannan kam ido yana gani, balle an buga shi a ƙaton bana.

Dalili na biyu shi ne matsi. JPEG yana yanka hoto gida-gida, fiksel 8 a tsaye 8 a kwance, sai ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da yake ganin ba za a lura ba don fayil ya yi sauƙi. A wurin da akwai ganye ko zanen atamfa ɓarnar tana ɓuya, a sama kuwa ba inda za ta ɓuya. Duk sanda aka tura hoto a matsayin hoto a WhatsApp ko Facebook ana sake matse shi, wani ya yi masa sikirinshot ya tura wa wani, kafin ya iso shagonku ya sha wuya. In kun zuƙo kuka ga gefen layin yana da kusurwa-kusurwa na ƙananan akwatuna to matsi ne, in layin ya lanƙwasa sumul to ƙarancin bit ne, sau da yawa kuma duka biyun ne a haɗe.

Ku fara tabbatarwa laifin hoton ne

Kafin ku taɓa komai ku danna Ctrl+1 hoton ya tsaya a 100%, don idan an ƙanƙance shi a fuskar Photoshop yakan nuna layin da babu shi a ainihin fayil. Sannan wasu ƙananan laftof masu araha sikirin ɗinsu ne ma ba ya iya nuna matakan duka. Gwajin mai sauƙi ne, ku ɗora leya ta Levels ta wucin gadi, ku matso da maɓallin baƙi da na fari su kewaye inda hasken sama yake a jadawalin. Hoton zai yi muni, ba komai, so ake a tona asirinsa. In layukan sun ƙara fitowa ɓaro-ɓaro to suna cikin fayil. Kada ku goge wannan leyar, ku kashe idonta kawai don za mu dawo gare ta.

Kuma tun a nan ku kira mai hoton ku tambaye shi ko asalin yana nan a waya ko kyamarar da aka ɗauka. In yana nan ya turo ta Document, ba a matse shi ta nan. In RAW ne ma kun huta, don yawancin kyamarori suna ajiye shi da bit 12 ko 14, wato mataki 4096 ko 16384. Kiran minti biyu ya fi gyaran awa guda, amma dai mun san halin kwastoma, zai ce ai wanda ya ɗauka ya canja waya. To sai gyara.

Gyaran kansa

Abu na farko ku shiga Image > Mode > 16 Bits/Channel. Ba za ku ga wani canji ba, kada ku ce bai yi aiki ba. Layukan suna nan yadda suke, abin da kuka yi kawai shi ne buɗe wuri, yanzu tsakanin 200 da 201 akwai gurabe sama da ɗari da za a iya cikewa. Wanda ya tsallake wannan ya tafi bula, wato dusashe hoto don layukan su narke, kai tsaye a bit 8 zai sha mamaki, don bula tana lissafo rabi da kwata amma ba inda za ta ajiye su, sai ta mayar da su cikakkun lambobi, layukan su dawo har su fi da tsafta da fitowa.

Sai ku danna leyar hoton, ba ta Levels ba, ku ware sama daga mutane da gini. A Photoshop na 2021 zuwa sama akwai Select > Sky, in tsoho ne da ku ku yi da Quick Selection. Da zaɓin yana nan ku danna Ctrl+J sama ta koma leyarta ita kaɗai, sannan a saman akwatin Layers ku kunna Lock transparent pixels. Wannan kullewar ita ce mutane suke mantawa. In ba ku yi ba gefen leyar zai narke, in kuma a kan hoton gaba ɗaya kuka yi bular to duhun rufi da farar hular maigida za su malalo cikin sama su yi wani kewaye mai hayaƙi-hayaƙi, wanda duk mai ido zai gane an taɓa hoton.

Yanzu Filter > Blur > Gaussian Blur. Nawa za a sa a Radius? Faɗin layin ne zai gaya muku. Namu fiksel 40 ne, don haka ku fara daga 20, wajen rabinsa, ku kunna leyar Levels ɗin nan ta gwaji kuna kallo, kuna ƙarawa kaɗan-kaɗan har hawan ya narke, ya ɓace ku tsaya. Radius 3 ko 5 ba abin da zai yi wa layi mai faɗin 40 sai ɗan tausasa bakinsa. In akwai gajimare masu kyau da ba ku so su lalace ku yi amfani da Surface Blur, Threshold ƙasa-ƙasa wajen 8 zuwa 10, shi yana goge ƙaramin bambanci ya bar gefe mai ƙarfi, sai dai yana da nauyi, tsohuwar kwamfuta za ta ɗan yi nishi.

Saura noyiz, wato ƙananan ɗige-ɗige da ake yayyafa wa hoto, kuma a ganina shi ne rabin aikin ko da yake sabon ɗan koyo yana jin tsoronsa, wai ya za a yi in gama share hoto in kuma zuba masa datti. Dalilin shi ne a ƙarshe dole hoton ya koma bit 8 in JPEG za ku bayar, matakai 30 ɗin nan suna jiran ku. Amma in akwai ɗan yayyafin ɗige-ɗige, a bakin iyakar 200 da 201 fiksel ɗin za su cakuɗa, wannan 200 na kusa da shi 201, a hankali masu 201 su rinjaya, ido ya rasa layin da zai bi. Ga kuma wani amfanin, sama da aka yi wa bula takan yi santsi fiye da kima alhali fuskokin mutanen suna da ɗan tsakinsu na kyamara, noyiz ɗin ne ke sa su zama hoto ɗaya.

Ku shiga Layer > New > Layer, a Mode ku zaɓi Overlay, ku sa alama a Fill with Overlay-neutral color. Sai Filter > Noise > Add Noise, Amount 2 ko 3, ku zaɓi Gaussian, ku kunna Monochromatic don kada ɗigon ya zo da ja da kore. Ku danna Ctrl+Alt+G ya tsaya a kan leyar sama kaɗai. In ya yi yawa ku rage Opacity har sai kun kai inda sai an matso ake ganinsa. Amma ku lura, Overlay ba ya kamawa sosai a wuri mai haske ƙwarai, to in saman hunturu ce fara fat da hazo ku zuba noyiz ɗin kai tsaye a leyar sama da Amount 1.

Wajen ajiyewa ne wasu ke zubar da wahalarsu. Ku fara ajiye PSD mai bit 16 da leyoyinsa, ku goge leyar gwaji, sannan ku fitar da JPEG da Quality 10 zuwa 12. In kuka sauko 5 ko 6 matsin zai ɗauki noyiz ɗin a matsayin abin zubarwa ya cinye shi, layuka su dawo. Wurin masu buga bana ku kai shi a filash ko ku tura ta Document, in suna karɓar TIFF ma ya fi. Masu GIMP kuma hanyar ɗaya ce, Image > Precision, wanda ya koma Encoding a GIMP 3, don komawa bit 16, noyiz kuma yana Filters > Noise > HSV Noise.

Akwai hoton da wannan ba zai cece shi ba. In sama ta ƙone ta zama 255 fari tas babu abin da bula za ta farfaɗo, haka in akwatunan matsi sun ci rassan bishiya da wayoyin lantarki. Irin wannan sai dai ku zana sabuwar sama da Gradient Tool a bit 16, ku ɗebo launin sama da na ƙasa daga hoton kansa, ku kunna Dither, kuma ku gaya wa mai hoto kun canja.

Aikin gida

Gobe da yamma ku ɗauki hoton sama da wayarku, ku tura wa abokin karatunku sau biyu, ɗaya a matsayin hoto ɗaya ta Document. Ku buɗe su gefe da gefe ku ɗora wa kowanne Levels na gwaji iri ɗaya, ku auna faɗin layi guda a wanda ya lalace, ku rubuta Radius da Amount ɗin da suka yi muku aiki ku zo da su aji.