Yadda Ake Haɗa SPF, DKIM da DMARC Don Imel Ɗin Domen Ɗinka Ya Daina Faɗawa Spam

Yawancin masu zuwa mini da kukan cewa imel ɗinsu na faɗawa Spam sun riga sun saka SPF, wasu har da DKIM, sun gwada sun ga `pass` a duka biyun, amma wasiƙar tana ci gaba da ɓacewa. Abin da ya kuɓuce musu shi ne, waɗannan biyun ba sa duba sunan da mai karɓa yake gani a layin `From`. DMARC ne ke duba shi, kuma a nan ne ake faɗuwa. Ba zan tsaya bayanin yadda ake shiga shafin DNS ba, na ɗauka ka san inda ake ƙara rikodin TXT.

Mu ɗauki wata makaranta mai domen `example.com`. Ma'aikatanta suna aika imel ta Google Workspace, ofishin kuɗi kuma yana tura wa iyaye rasit ta wani kamfanin aika saƙonni, sannan akwai fom a shafin makarantar da ke aika saƙo daga sabar da shafin yake zaune. Masu aikawa uku ke nan. Kafin ka taɓa DNS, ɗauki biro ka rubuta duk wani mai aikawa da sunan domen ɗinka. Wanda aka manta da shi, shi ne zai ba da ciwon kai daga baya, kuma sau da yawa fom ɗin shafi ne.

Mataki na farko, SPF. Jeri ne na sabobin da ka yarje wa su aika da sunanka:

```
v=spf1 include:_spf.google.com include:mailer.example.net ~all
```

Rikodin SPF ɗaya tak ake yi wa domen. Sabon shiga yakan ga kamfani na biyu ya ba shi nasa layin, sai ya ƙara shi a matsayin rikodi na daban, nan take a samu `permerror`, duka biyun su lalace. Haɗe su ake yi a layi guda. Haka kuma, binciken DNS da SPF zai jawo bai kamata ya wuce 10 ba, kuma kowane `include` ana ƙirga shi har da waɗanda ke cikinsa. Saboda haka cire tsofaffin kamfanonin da ka daina amfani da su. Ni `~all` nake sakawa, `+all` kuwa kada ka kusance shi, don ya buɗe wa kowa ƙofa ke nan.

Mataki na biyu, DKIM. Sabar da ke aikawa tana sa hannu a kan wasiƙar da makullin sirri, kai kuma ka wallafa ɗayan makullin a DNS don mai karɓa ya tantance. A Google Workspace za ka samar da makullin a shafin gudanarwa, ka zaɓi 2048, ka saka shi a `google._domainkey.example.com`, sannan ka koma ka danna `Start authentication`. Wannan dannawar ta ƙarshe mutane da yawa suna tsallake ta, su bar makulli a DNS alhali babu wasiƙar da ake sa wa hannu da shi. Idan shafin DNS ɗinka ya ƙi karɓar makullin saboda tsawo, raba shi gida biyu cikin alamar zance, domin gunduwa ɗaya ta TXT ba ta wuce haruffa 255.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Kowace wasiƙa tana ɗauke da adireshi biyu: na `From` da mutum ke karantawa, da na `Return-Path` da sabobi ke amfani da shi wajen mayar da wasiƙar da ba ta isa ba. SPF na biyun yake dubawa. DKIM kuma yana duba domen ɗin da ke cikin `d=` na sa hannun, ko na wane ne. Ka aika rasit ɗaya daga ofishin kuɗi zuwa akwatinka na Gmail, ka buɗe shi, ka danna ɗigo ukun nan ka zaɓi `Show original`. A taƙaice, idan ka riga ka saka rikodin DMARC da ke mataki na uku, abin da za ka iya gani shi ne:

```
From: kudi@example.com
spf=pass smtp.mailfrom=mailer.example.net
dkim=pass header.d=mailer.example.net
dmarc=fail header.from=example.com
```

Dubi sunayen da kyau. SPF ya ci, DKIM ya ci, amma duka biyun kamfanin aikawa suka yi wa shaida, makarantar ba ta samu ko ɗaya ba. Kamar ka kai takarda mai ɗauke da sunan makaranta a sama, amma hatimin da ke ƙasa na ɗan aike ne. Kowane ɗan damfara ma zai iya samun `pass` biyu da domen ɗinsa, ya rubuta sunanka a `From`. Shi ya sa DMARC ke neman aƙalla ɗaya daga cikin biyun ya ci, kuma domen ɗin da ya ci da shi ya dace da na `From`. Ba lallai su zama iri ɗaya sak ba: a tsarin da DMARC ke zuwa da shi, `mail.example.com` ya dace da `example.com`.

Ka lura da wani abu mai ɗaure kai: `include` ɗin da muka saka wa kamfanin a SPF ɗin makaranta bai yi aikin komai a wannan wasiƙar ba, tunda `Return-Path` na kamfanin ne, SPF ɗinsu aka duba. Gyaran yana shafin kamfanin, a wurin tantance domen. Za su ba ka rikodi biyu ko uku, galibi CNAME, ka saka a DNS ɗinka, daga nan su fara sa hannu da `d=example.com`. Wasu kamfanonin sai a tsarin biyan kuɗi suke ba da wannan. Idan rasit ko sanarwa kake aikawa, biya kawai, ya fi maka arha da a ce iyaye ba su ga saƙo ba.

Idan ɗaya za ka iya daidaitawa, daidaita DKIM. Dalili kuwa, idan mahaifin yaro ya saita a riƙa tura masa imel daga wani akwati zuwa wani, sabar da ta tura ba ta cikin jerinka, SPF zai faɗi. Sa hannun DKIM kuwa yana tafiya tare da wasiƙar muddin ba a taɓa abin da ke cikinta ba. Fom ɗin shafi kuma, hana shi aikawa kai tsaye daga sabar shafin, haɗa shi da akwatin Google Workspace ta SMTP, shi ke nan ya shiga inuwar DKIM ɗin da ka riga ka kunna.

Mataki na uku, rikodin DMARC, a `_dmarc.example.com`:

```
v=DMARC1; p=none; rua=mailto:dmarc@example.com
```

Fara da `p=none`, wato a kawo maka rahoto kawai ba tare da ka nemi a hukunta wasiƙar da ta faɗi ba, babu jayayya a nan. Wanda ya yi tsalle zuwa `p=reject` a ranar farko, da hannunsa ya umarci Gmail ya ƙi karɓar rasit ɗin makarantarsa. Ƙirƙiri akwatin `rua` ɗin tukuna. Rahotanni za su riƙa zuwa kusan kullum a fayil ɗin XML mai wuyar karantawa, amma akwai shafuka na kyauta da ke warware su. Bi su na makonni, ka nemi adireshin IP da ke aikawa da sunanka suna faɗuwa. Naka ka gyara, na baƙi ka ƙyale. Idan naka duka sun daidaita, koma `p=quarantine` mai neman a tura wasiƙar da ta faɗi zuwa Spam, daga baya `p=reject`.

Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara. A Gmail, kowane mai aikawa sai da SPF ko DKIM, mai aika kusan 5,000 a rana kuma sai da duka ukun. Amma `dmarc=pass` shaida ce kawai cewa kai ne ka aika. Idan masu karɓa suna danna Spam a kan saƙonka har ƙorafin ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, rikodin DNS ba zai cece ka ba. Duba wannan adadin a Postmaster Tools na Google, sannan ka cire duk wanda bai nemi saƙonka ba daga jerin da kake aika wa.