Yadda na gyara maganar kuɗin gobarar shagona

Shagon atamfa na da ke Birnin Kebbi ya ƙone a 2024, na nemi diyya, kamfanin inshora suka turo takarda wai ba za su biya ba, kuɗin shekarar bai shigo musu ba kafin gobarar, alhali na biya tuntuni ta hannun dillalin inshora.

Na yi ta kiran ofishinsu, na sa wani babba ya roƙa, duk shiru. Roƙo ba ya aiki a nan, takarda ce ke magana.

Sai na rubuta wa sashen koke na NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, a Abuja wasiƙa shafi ɗaya, da Turanci. A sama na sa lambar folisi, wato takardar yarjejeniyar inshorar, lambar neman diyya da ranar gobara, sannan na kwafo dalilin ƙin biyan kalma da kalma daga takardarsu. Ƙarƙashinsa na kawo sashe na 50 na Dokar Inshora ta 2003, wadda ke aiki lokacin gobarar, shi ne sashen da suka fake da shi amma kuma shi ya ce kuɗin da dillali ya karɓa kamar kamfani ne ya karɓa, to ka ga rasit ɗina mai hatimi da kwanan wata kafin gobarar ya gama magana. Na haɗa kwafinsa, da folisi, da rahoton 'yan kwana-kwana, da hotuna, na faɗi adadin da nike nema, na tura wa kamfanin kwafi.

Hukumar ta nemi su yi bayani, daga baya suka aiko takardar sallama na sa hannu, kuɗi suka shigo. Alhamdulillah, Allah ya saka wa ƙanena da ya duba min Turancin.