Yadda ake bambance firgici da ƙarancin kalsiyam idan baki da yatsu suka ɗau tsikari

A wani zaman makoki a unguwar Yelwa, nan Garwa, wata budurwa ta yi kuka har ta koma haki. Can sai ta ce leɓɓanta sun yi nauyi, kamar kiyashi na yawo a kansu. Kafin a ankara yatsunta sun ƙandare, babban yatsa ya lanƙwashe cikin tafin hannu. Wasu suka ce iska ce, wata kuma ta ce a kira mai allura ya yi mata ta kalsiyam. Wannan shawara ta biyun ce ta fi tayar mini da hankali.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Mai haki yana fitar da iskar kabon fiye da kima, sai tsamin jini ya ragu. Da ya ragu, kalsiyam ɗin da ke yawo a jini sai ya manne wa furotin da ake kira albumin, jijiyoyi su rasa rabonsu, su fara harbawa da kansu. Kalsiyam ɗin yana nan bai tafi ko'ina ba, an dai riƙe shi na ɗan lokaci. Shi ya sa alamomin suke kama da na wanda kalsiyam ɗinsa ya yi ƙasa da gaske.

Mataki na farko, tabbatar ba wani mugun abu ba ne ya kawo hakin. Ciwon ƙirji, asma, zazzaɓi, ciwon suga, sabuwar haihuwa, leɓɓa da suka sauya launi, suma, ko mutuwar ɓari ɗaya na jiki: ko ɗaya aka gani, a nufi asibiti nan take. Hakin firgici kan taɓa hannu biyu ne tare.

Na biyu, tambayi abin da ya riga zuwa, tsoron ko tsikarin. Ita budurwar nan na durƙusa na ce, "Ƙanwata, kafin kukan nan kin taɓa jin haka?" Ta girgiza kai. Tashin hankali ne ya fara, haki ya biyo, tsikari ya zo a ƙarshe. Mai ƙarancin kalsiyam na gaske kuwa yakan ji tsikarin yana zaune lafiya lau, kwana da kwanaki, ga ɗaurewar jijiyar ƙafa cikin dare. Tsoro daga baya yake zuwa masa.

Na uku, a sassauta numfashin a ga abin da zai biyo. A rage taro, a zaunar da ita a inuwa, mutum ɗaya kawai ya yi magana. Ta ɗora hannu a ciki, ta shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu, ta fitar a hankali ta tsukakken baki ana ƙirga shida. Ka yi tare da ita, don wanda ya firgita ya fi bin abin da ya gani a kan abin da aka faɗa masa. Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, can ake so ta koma. Kada a kifa mata leda ko jakar takarda a fuska: idan ashe huhu ne ko zuciya, an ƙara toshe mata iska. Yarinyar nan ba a yi minti ashirin ba yatsunta suka saki. Da a ce numfashi ya daidaita amma ƙandarewar ta ƙi tafiya, da asibiti muka nufa.

Na huɗu, bincika tarihi, ko da komai ya lafa. An taɓa yi mata aikin maƙoƙo? Wannan ita ce babbar tambaya, domin a bayan maƙoƙon akwai ƙananan ƙwayoyi huɗu masu kula da kalsiyam, kuma aikin kan taɓa su. Tsikari a kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin ba firgici ba ne har sai gwaji ya nuna haka, don yana iya kaiwa ga farfaɗiya ko shaƙewar maƙogwaro. A kuma tambayi ciwon ƙoda, gudawa mai daɗewa, da goyo a kan goyo ga macen da ba ta samun rana da madara.

A asibiti za a auna kalsiyam na jini, wanda daidai ɗinsa yake wajen miligiram 85 zuwa 105 a lita, tare da albumin da wani sinadarin jini da ake kira maganiziyam. Likita kan kuma ɗaura abin awon hawan jini a dantse, ya hura shi ya wuce awon mutum na sama, ya bar shi minti uku ya ga ko hannun zai ƙandare, wanda alama ce ta ƙarancin kalsiyam. Allurar kalsiyam ta jijiya sai a can, a hankali, ana lura da bugun zuciya, domin idan aka tura ta da sauri tana rikita bugun, idan kuma ta zube a ƙarƙashin fata tana ƙona nama.