Darasi: Dalilin da ya sa bidiyo mai inganci yake zuwa a rabe, hoto daban sauti daban, da yadda ffmpeg yake haɗa su

Mutum yakan sauke bidiyo daga YouTube da wata manhaja, ya zaɓi hoto mafi kyau, amma da ya buɗe fayil ɗin sai ya ga mutane suna motsa baki babu ko ƙwayar sauti, ko kuma ya tarar da fayil biyu a maimakon ɗaya. Da yawa sukan ɗauka cewa saukewar ce ta lalace, su goge su sake, su ƙarar da datarsu a banza. Babu abin da ya lalace. Haka aka ajiye bidiyon tun daga tushe, hoto a fayil ɗinsa, sauti a nasa, kuma abin da ya rage shi ne a haɗa su. A wannan darasi za mu ga dalilin wannan rabuwa, sannan mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Ya kamata mai karatu ya yi gwaji da bidiyonsa na kansa, ko wanda mai shi ya yarda a sauke.

Abin da ke cikin fayil ɗin bidiyo

Abin da muke kira bidiyo abubuwa biyu ne suke tafiya tare: jerin hotuna masu wucewa da sauri, galibi 24 ko 30 ko 60 a kowace daƙiƙa, da kuma sautin da aka naɗa. Kowannensu ana matse shi ta hanyarsa domin ya rage girma, kuma tsarin matsewar shi ake kira kodek. Hoto yana da nasa, irin su H.264 da VP9 da AV1, sauti ma yana da nasa, irin su AAC da Opus. Bayan an matse su ana zuba su cikin mazubi ɗaya, wato MP4 ko WebM ko MKV, haruffan da ake gani a ƙarshen sunan fayil. Mazubin kamar ambulan ne: ba ya canza abin da aka rubuta a takardun da ke ciki, sai dai ya riƙe su wuri ɗaya, ya kuma nuna wace ce ke bin wace. A cikinsa ne ake ajiye alamun lokaci da ke nuna cewa hoto kaza zai bayyana daidai lokacin da ake jin sauti kaza. Ke nan fayil ɗin MP4 yana iya ɗaukar hoto da sauti tare, yana kuma iya ɗaukar hoto kaɗai, kuma sunansa ba zai nuna bambancin ba.

Me ya sa ake raba su

Dalili na farko shi ne ƙarfin intanet ba ya tsayawa wuri ɗaya. Manyan shafukan bidiyo suna amfani da hanyar da ke sauya ingancin hoto gwargwadon ƙarfin layin mai kallo, kuma ɗaya daga cikin sanannun tsare-tsaren wannan hanya shi ne MPEG-DASH, wanda aka fitar a matsayin ma'aunin ƙasa da ƙasa a 2012. Ana shirya bidiyo ɗaya a matakai da yawa, kamar 360p da 720p da 1080p da 2160p, kowane mataki kuma ana aiko shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta 'yan daƙiƙoƙi. Idan layi ya yi rauni ana tsakar kallo, manhajar kallon takan nemi gunduwa ta gaba daga mataki na ƙasa, shi ya sa hoto yakan dusashe na ɗan lokaci sannan ya dawo. Sautin kuwa yana ci gaba da zuwa ta hanyarsa ba tare da an taɓa shi ba, kuma wannan dabara ce mai kyau, domin mutum yana iya jure hoto mai dishi-dishi, amma magana mai yankewa takan hana shi fahimtar abin da ake faɗa.

Dalili na biyu lissafi ne. A ɗauka bidiyo yana da matakan hoto 6 da nau'in sauti 3. Idan za a haɗa kowane hoto da kowane sauti tun daga farko, sai an ajiye fayil 18, wato 6 sau 3. Idan aka raba su, fayil 9 sun wadatar, wato 6 a tara da 3, kuma na'urar mai kallo ta ɗauki hoto ɗaya da sauti ɗaya da suka dace da ita. Idan aka ƙara sautin wani harshe, hanyar haɗewa tana buƙatar sababbin kwafi 6 na hotunan nan masu nauyi, hanyar rabewa kuwa ƙaramin fayil ɗaya kawai take buƙata. Nauyin kuma a hoton yake: tunda bit 8 ne ke yin bait ɗaya, sauti na minti 10 a kan kilobit 128 a daƙiƙa bai wuce megabait 10 ba, amma hoto na minti 10 a kan megabit 4 a daƙiƙa ya kai megabait 300. Babu mai son ya maimaita ajiye babban domin ya sauya ƙaramin.

A lokacin kallo ba a lura da wannan rabuwa, domin burauza ko manhajar waya tana karɓar biyun, ta jera su bisa alamun lokaci, ta nuna su tare. Ba ta ajiye haɗaɗɗen fayil ba, haɗin yana faruwa ne a lokacin kallo kawai. Wanda yake son fayil ɗaya da zai ajiye, dole ne ya sami abin da zai yi wannan haɗin ya kuma rubuta shi, kuma aikin da ffmpeg yake yi ke nan. Manhaja ce ta kyauta da Fabrice Bellard ya fara a 2000, ana ba ta umarni a rubuce, kuma manhajojin saukewa da yawa ita suke kira a bayan fage.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Za mu yi amfani da yt-dlp, manhajar saukewa da ake ba umarni a rubuce. Mataki na farko shi ne a ga abin da ke akwai. A wurin kalmar ADIRESHI sai a sa adireshin bidiyon:

```
yt-dlp -F ADIRESHI
```

Za a ga jeri, kowane layi da lambarsa. Wasu layukan an rubuta musu `video only`, ma'ana hoto kaɗai, wasu kuma `audio only`, ma'ana sauti kaɗai. A YouTube lamba 137 hoto ne na 1080p da H.264 a cikin MP4, babu sauti. Lamba 140 sautin AAC ne na kimanin kilobit 128, a fayil mai ƙarewa da `.m4a`. Lamba 18 tana ɗauke da hoto da sauti a haɗe, amma 360p ce kawai, kuma wannan ne ya sa manhajar da ba ta iya haɗawa takan ba mutum hoto mara kaifi idan yana son fayil ɗaya mai sauti. Don a sami mai kyau sai a nemi biyu, da alamar tarawa a tsakaninsu:

```
yt-dlp -f 137+140 ADIRESHI
```

Idan akwai ffmpeg a kwamfutar, yt-dlp zai sauke biyun, ya kira shi ya haɗa su, ya goge guntayen, ya bar fayil ɗaya. Idan babu shi, zai nuna gargaɗi mai ɗauke da kalmomin `ffmpeg is not installed`, ya bar fayil biyu, ɗaya sunansa yana ƙarewa da `.f137.mp4`, ɗayan da `.f140.m4a`. Kada a goge su, domin su ne bidiyon. A shigar da ffmpeg, a tabbatar yana amsawa ta hanyar rubuta `ffmpeg -version`, a sauya wa fayilolin suna zuwa masu sauƙi, sannan a rubuta:

```
ffmpeg -i hoto.mp4 -i sauti.m4a -map 0:v:0 -map 1:a:0 -c copy cikakke.mp4
```

Kowane `-i` yana gabatar da fayil ɗaya, kuma ffmpeg yana fara ƙirga daga sifili, don haka fayil na farko shi ne 0, na biyu shi ne 1. Sashen `-map 0:v:0` yana nufin a ɗauki hoton farko daga fayil na farko, `-map 1:a:0` kuma a ɗauki sautin farko daga fayil na biyu. Sashen da ya fi kowanne muhimmanci shi ne `-c copy`, wanda yake umartar a kwashe hoto da sauti yadda suke a zuba su a sabon mazubi, ba tare da an warware matsewar an sake yin ta ba. Saboda haka aikin yakan ƙare cikin 'yan daƙiƙoƙi, ingancin ba ya raguwa ko kaɗan, kuma girman sabon fayil yakan yi kusan daidai da jimlar biyun: a lissafinmu na baya, kusan megabait 310. Idan aka ga kwamfuta ta yi zafi, aikin yana jan mintuna masu yawa, to an manta da `-c copy` ne, ffmpeg yana sake matse hoton, kuma kowace sake matsewa irin wannan tana rage masa kaifi.

Inda ake samun cikas

Cikas mafi yawa shi ne rashin dacewar kodek da mazubi, domin ba kowane mazubi ne yake karɓar kowane kodek ba. WebM yana karɓar hoton VP8 da VP9 da AV1 tare da sautin Vorbis ko Opus, amma idan aka ce a zuba masa H.264 ko AAC, ffmpeg zai ƙi, ya nuna kuskure. Wannan yakan faru ne idan aka ɗauki hoto mai lamba 137 aka haɗa shi da sauti mai lamba 251, wanda Opus ne, sannan aka sa wa sabon fayil suna mai ƙarewa da `.webm`. Mafita mafi sauƙi ita ce a ƙare sunan da `.mkv`, domin MKV yana karɓar kusan kowane haɗi. Haka kuma a YouTube matakan da suka haura 1080p galibi da VP9 ko AV1 suke zuwa, don haka wanda ya sauke 2160p bai kamata ya yi mamakin ganin WebM ko MKV ba.

Wani lokaci haɗin yakan yi daidai, amma talabijin ko tsohuwar waya ta nuna hoto ba sauti, saboda ba ta san Opus ba. A nan ba a buƙatar taɓa hoton, sautin kaɗai za a sauya, kuma shi ba ya ɗaukar lokaci mai yawa:

```
ffmpeg -i cikakke.mkv -c:v copy -c:a aac sabo.mp4
```

A ganina, wanda yake son fayil da zai buɗu a kusan kowace na'ura ya fi dacewa ya zaɓi H.264 da AAC tun wajen saukewa, ko da wani kodek ya fi su ƙaramin girma.

Kafin a ɗora wa wata manhaja laifi, ya kamata a duba abin da ke cikin fayil ɗin da `ffprobe cikakke.mp4`, wanda yake zuwa tare da ffmpeg. Idan an ga layi mai kalmar `Video` da wani mai kalmar `Audio`, to biyun suna ciki, matsalar tana wajen na'urar kallo. Idan layin `Video` kaɗai aka gani, ba a haɗa sautin ba tukuna. A kuma duba `Duration` na fayil ɗin hoto da na sauti kafin a haɗa su: idan hoton minti 10 ne sautin kuma minti 7, saukewar sautin ce ta katse, kuma ffmpeg ba zai iya ƙirƙiro mintuna ukun da suka ɓace ba. A irin wannan hali sai a sake sauke sautin kaɗai da `yt-dlp -f 140 ADIRESHI`, wanda bai wuce megabait 10 ba, a bar babban fayil ɗin hoton yadda yake, sannan a maimaita umarnin haɗawa.