Yadda Ake Gane Jabun Waya Kafin a Biya Kuɗin Sari a Ikeja

Wanda ya sayi waya ɗaya ta zama jabu, asarar waya ɗaya ya yi. Mai sari kuwa, wanda zai ɗauki katan daga kasuwar waya ta Ikeja ya tura Fam Santa a Kano, ko ya kai shagonsa a Agege, asararsa biyu ce: kuɗin kaya, da kwastoman da ba zai sake dawowa ba. Yawancinmu da zarar an danna *#06# an ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta kwali, sai a ce alhamdulillahi a tura kuɗi. To a nan ake cin mutane. Duk abin da waya ta rubuta maka a sikirin, mutum ne ya sa mata, kuma mai yin kofi ya iya sa mata ƙarya. Gwajin da ke da amfani shi ne wanda zai sa wayar ta yi aiki a gabanka, ba ta ba ka labarin kanta ba.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Ka zo sarin Samsung Galaxy A15 guda 40, masu 128GB, a wani shago a titin Otigba.

Kafin ka baro masauki, ka tanadi wayar asali irin wadda za ka saya, wadda ka tabbatar daga dila mai lasisi ta fito. Ita ce ma'auninka. Ka haɗa da ƙaramin sikelin dijital irin na masu awon kayan kek, da filas mai bakin USB-C ɗauke da bidiyo ɗaya mai nauyin 4GB, da layi mai data, da fawa banki. Duka za su shiga jakar hannu.

Abu na farko ba gwaji ba ne, ciniki ne. Tun kafin a sauko da katan, ku yi magana a kan buɗe kwali, domin mai shago zai ce in ka yage sil kaya ya zama naka. Gaskiyarsa ce, sai ka ce ka yarda: wanda ka buɗe ya fito lafiya ka saya, wanda ya fito jabu nasa ne, kuma cinikin katan ɗin gaba ɗaya ya tashi. Idan dillalin da ya kawo ka ya fara cewa, "Haba Alhaji, mutumina ne, shekara nawa muna tare, ga go-sulo zai kama ka a hanya," ka ba shi haƙuri ka ci gaba da abin da ya kawo ka. La'adarsa a kan ciniki ya faɗa take, ba a kan kaya ya yi kyau ba.

Daga nan sai awo, kuma wannan duka 40 ɗin za ka yi wa, tun suna rufe. Ɗora kowane kwali a sikeli. Kayan da suka fito daga masana'anta ɗaya, samfuri ɗaya, nauyinsu ba ya bambanta sai da 'yan giram kaɗan. Idan talatin sun tsaya wuri ɗaya, goma kuma sun yi ƙasa ko sama da giram 15 ko 20, ware goman nan gefe. Ba ka kama kowa da laifi ba tukuna, amma ka san waɗanda za ka fara buɗewa. Aikin minti goma ne, kuma shi ke tona asirin katan ɗin da aka cakuɗa, wanda ya fi katan ɗin jabu zalla yawa a kasuwa, don mai wayo ba ya cika maka buhu da tsakuwa, cikin shinkafa yake zubawa.

Kana awon, yaronka yana rubuta IMEI na kowane kwali, ko yana ɗaukar hotonsu a jere. Lamba 15 ce, kuma waya mai layi biyu tana da guda biyu. Takwas na farko su ke nuna kamfani da samfuri, don haka in ka sa lambar a shafi irin imei.info ya ce maka wata tsohuwar waya ce daban, magana ta ƙare. Amma in ya ce A15 ce, kada ka yi murna da wuri. Masu kofi suna kwafe lambar wayar gaske su buga ta a wayoyi da yawa, su buga a kwali ma. Shi ya sa abin da mai sari zai nema shi ne maimaici: lamba ɗaya a kwali biyu. Babu wayoyin asali biyu da ke da IMEI ɗaya. Mai sayen ɗaya ba zai taɓa ganin wannan ba, kai da ke da 40 a gabanka za ka gani.

Yanzu guda nawa za a buɗe? A ce goma cikin arba'in ɗin jabu ne. In ka buɗe biyu kawai, lissafi ya nuna fiye da rabin lokaci dukansu masu kyau za su fito, ka tafi da goman ba ka sani ba. In ka buɗe takwas, yiwuwar su kuɓuce maka gaba ɗaya ta sauko ƙasa da kashi 8 cikin ɗari. Wannan kuwa sai in kai ka zaɓa da hannunka, daga sama da tsakiya da ƙasan katan. Wadda aka miƙo maka ba ta cikin lissafi.

Ka kunna, ka sa layinka. Shiga Play Store, ka je Settings, sannan About, ka duba ƙarƙashin Play Protect certification. Wayar asali za ta rubuta Device is certified. Sannan ka gwada shiga asusunka na Samsung, ka buɗe Galaxy Store ka sauke wata ƙaramar manhaja. Kofi tana iya zana tambarin, amma yawanci in ka taɓa sai ta yi ta juyi, ko ta jefa ka wani shafi daban. Akwai kuma *#0*# da ke buɗe allon gwaje-gwaje na Samsung. Yana da amfani wajen duba launi da taɓi da lasifika, sai dai ni ba na yanke hukunci da shi, domin kofi masu tsada sun kwaikwayi allon. Haka ma manhajoji irin su CPU-Z da ke nuna injin da ke cikin waya: A15 mai 4G Helio G99 ke cikinta, to in ka ga wani inji daban irin MT6580 ka kama ɓarawo, amma in ka ga sunan da ya dace, ka sani akwai kofin da aka gyara don ta yi wa waɗannan manhajojin ƙarya.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na memori, kuma shi ne wanda mutane ke ƙyuyar yi saboda yana cin lokaci. Sa filas ɗinka, ka kwafi bidiyon nan mai 4GB zuwa cikin wayar. Sannan a cikin wayar ka yi ta kwafarsa kana maimaitawa har sau goma, ya zama 40GB. Waya mai 128GB na gaske za ta haɗiye wannan ba tare da ta ce uffan ba. Kofin da ke rubuta 128GB alhali 16GB ke cikinta, tsarin wayar ya riga ya cinye wani kaso, don haka a kwafi na biyu ko na uku za ta tsaya ta ce wuri ya cika, ko ta daskare. Wata kuma ta fi wannan iya shege: za ta nuna maka fayil goma a jere, kamar komai lafiya. Saboda irinta ne za ka buɗe na farko da na ƙarshe, ka ja bidiyon zuwa tsakiya da ƙarshe ka ga ko yana tafiya. Fayil ɗin da ke da suna amma ba ya buɗuwa, babu inda aka ajiye shi. Tun da wayoyin takwas ne, jera su a tebur ka sa su aiki lokaci ɗaya, kana sauran dube-dube suna yi.

Sikirin ma ba ya iya ƙarya. Na A15 irin AMOLED ne, wato wurin da yake baƙi a hoto a kashe yake ɗungurungum. Buɗe hoto baƙi ƙirin, ka ƙure haske, ka rufa da hula ko ka sa wayar cikin jaka ka leƙa. Ta asali kamar a kashe take. Mai LCD za ka ga tana fitar da haske toka-toka, musamman a gefe-gefe. Wannan gwajin yana kama wani nau'in ha'incin ma, wato tsohuwar wayar asali da aka canza wa sikirin mai araha da murfin baya aka mayar kwali a matsayin sabuwa. Irin wannan za ta ci duk gwajin manhaja, don injinta na gaske ne.

Kyamara uku ce a bayan A15, kuma kowacce da aikinta. Buɗe kyamara, ka koma ɗauka mai faɗi, ka toshe idanun ɗaya bayan ɗaya da yatsa ka ga wanne ya yi duhu. Koma ɗauka ta kullum ka maimaita, haka ma Macro, wato ɗaukar kusa-kusa. Ya kamata idon da ke aiki ya canza. A kofi, ido ɗaya ne ke gani a duk inda ka koma, sauran kwalliya ce.

Sauran na jiki ba sa buƙatar dogon bayani, ajiye ta kusa da ma'auninka kawai. A15 tsirara giram 200 ce. Dubi kaurin baƙin da ke ƙasan sikirin, dubi ko farantin layi ya zauna daidai da jiki, ko bakin caji ya karkace, ko akwai alamar gam a gefen murfi. Ka taɓa maɓallan ka ji. Hannu yakan gane kafin ido.

In iPhone ce ka zo ɗauka, kofi ba ta da wuyar ganewa: Android ce aka sa wa riga, ba za ta shiga App Store na gaske da asusunka na Apple ba. Damuwarka a can ita ce kayan da aka canza. A Settings, General, About, wayoyin baya-bayan nan suna nuna Parts and Service History in an taɓa batir ko sikirin ko kyamara. Harafin farko na lambar samfuri ma yana magana: M sabuwa aka sayar da ita, F kamfani ya gyara ya sake sayarwa, N kuma canji aka ba wani.

To an gama, takwas ɗin sun fito lafiya. Nan ne wasu ke sakin jiki, kuma nan ne ake musanya. Kada katan ya koma ciki "a ɗaure maka shi da kyau". A gabanka za a ɗaure, ka sa hannu da alƙalamin maka a kan salatif ɗin ta yadda in an yanke za ka gani. Rasit ya ɗauki sunan shago da lambarsa da IMEI na duka 40, ko a manna takardar da kuka rubuta, mai shago ya sa hannu, a kuma rubuta kwana nawa kake da su na dawo da kaya. Kuɗi kuma asusun da sunansa ya yi daidai da na rasit za ka tura wa, ba na yaron da ya tare ka a ƙarƙashin gada ba. In kayan za su bi mota zuwa Arewa, tura wa mai karɓa hoton jerin lambobin da na sa hannunka a salatif tun kafin motar ta tashi, ya duba su kafin ya sallami direba.